Inda naira miliyan 2.43 ta tafi: taƙaita kuɗin wata uku na ƙaramar ƙungiya da jadawalin PivotTable

A taron amintattu na kowace ƙaramar ƙungiyar agaji, tambaya ɗaya ce ke jiran ma'aji: kuɗin da aka tara, ina suka shiga? Littafin kashe kuɗi yana ɗauke da amsar, sai dai a warwatse take cikin layi ɗari biyu ko fiye, kuma ba wanda zai zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban taro. Abin da ake so shi ne shafi guda mai nuna nawa aka kashe a abinci, nawa a makaranta, nawa a magani, wata bayan wata. Manhajar Excel tana da abin da ke yin wannan aiki cikin minti kaɗan, sunansa `PivotTable`, kuma akwai irinsa a Google Sheets da LibreOffice Calc. A nan za mu riƙa ce masa jadawalin taƙaitawa.

Saurin jadawalin shi ne amfaninsa, kuma nan ne hatsarinsa yake. Kamar mudu yake a hannun mai awo: abin da aka zuba masa shi zai auna, ko hatsi ko tsakuwa. Saboda haka wannan nazari zai bi alƙaluman wata uku na wata ƙungiya tun daga littafi har zuwa rahoto, don a ga yadda ake gina jadawalin, yadda ake gane ya faɗi gaskiya, da yadda ake karanta shi. Alƙaluman na misali ne, an tsara su bisa irin hidimar ƙaramar ƙungiyar unguwa mai kula da marayu, daga Janairu zuwa Maris na 2025.

## Littafin da jadawalin ke ci daga gare shi

Yawancin ma'aji sun saba rubuta kuɗi yadda ido zai ji daɗin gani: shafi na Janairu daban, na Fabrairu daban, a ƙasan kowanne an ja layi an rubuta jimla. Wannan tsari bai dace da jadawalin taƙaitawa ba. Shi abin da yake so shi ne dogon jeri guda ɗaya, kowane biya da layinsa, kowane ginshiƙi da kansa a layin farko, babu layin da aka bari fanko, babu gurabun da aka haɗe, babu jimla a tsakiya. Idan aka bar jimlar wata a cikin jerin, jadawalin zai ɗauke ta a matsayin wani biya, kuɗin watan su ninka biyu.

Ginshiƙi bakwai sun wadatar. Ga yadda layi uku na littafin suke:

| Kwanan wata | Rasit | Bayani | Rukuni | Asusu | Hanya | Adadi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 2025-01-13 | 014 | Kuɗin zango na biyu | Makaranta | Gama-gari | Banki | 96000 |
| 2025-02-05 | 071 | Kai yara asibiti | Sufuri | Gama-gari | Hannu | 12000 |
| 2025-03-04 | 118 | Shinkafar rabon azumi | Abinci | Azumi | Banki | 65000 |

Ginshiƙai biyu ne suka fi ɗaukar nauyi. Rukuni yana faɗin abin da aka saya. Asusu yana faɗin daga wace jaka kuɗin suka fito, domin akwai gudummawar da mai bayarwa ya ɗaure da sharaɗi, kamar wanda ya ce kuɗinsa na abincin azumi ne kawai. Za a ga amfanin wannan ginshiƙi idan muka zo kan watan Maris. A ginshiƙin Adadi kuwa lamba tsura ake rubutawa, babu harafin naira a gabanta, babu wata kalma a bayanta.

Rukunai kada su yi yawa. Bakwai ko takwas sun isa ƙaramar ƙungiya, kuma amintattu ne ya kamata su amince da su tun farkon shekara, don rahoton Maris ya yi magana da harshe ɗaya da na Yuni. A rubuta su a wani shafi, sannan a ɗaure ginshiƙin Rukuni da su ta `Data`, sai `Data Validation`, sai `List`. Daga nan mai shigar da kuɗi zaɓa zai yi daga jeri, ba zai rubuta da hannu ba.

Mataki na ƙarshe a kan littafin shi ne a danna cikinsa a latsa `Ctrl+T`, Excel ta mayar da shi tebur mai suna. A sa masa suna `Kashewa`. Fa'idar haka ita ce duk layin da aka ƙara a ƙasa zai shiga teburin da kansa. Wanda ya gina jadawalinsa a kan layi na 1 zuwa na 150 kawai, ya ci gaba da rubutu har layi na 190, layi arba'in ɗin nan ba za su taɓa shiga lissafi ba, kuma babu gargaɗin da zai fito.

## Gina jadawalin

A danna kowane gurbi cikin teburin, a je `Insert`, a zaɓi `PivotTable`, a ce a ajiye shi a sabon shafi. A gefen dama za a ga sunayen ginshiƙai a sama, da akwatuna huɗu a ƙasa. A ja Rukuni zuwa `Rows`, Kwanan wata zuwa `Columns`, Adadi zuwa `Values`, Asusu zuwa `Filters`. Ginin ke nan.

Sai a duba abu biyu kafin a kalli kowace lamba. Na farko, abin da aka rubuta a akwatin `Values`. Dole ya zama `Sum of Adadi`. Idan ya fito `Count of Adadi`, to ƙirga yawan layuka yake yi, shi ya sa za ka ga Abinci 41 a inda kake jiran dubu ɗari tara. Ana gyara shi a `Value Field Settings`, amma kada a tsaya a gyaran, domin Excel takan zaɓi ƙirge ne idan ta tarar da rubutu a cikin ginshiƙin lambobi. Alama ce ta wani ciwo da za mu tarar a gaba.

Na biyu, haɗa ranaku su zama watanni. Sababbin Excel sukan yi haka da kansu. Idan ba su yi ba, a danna dama a kan wata rana cikin jadawalin, a zaɓi `Group`, a ɗauki `Months` da `Years` tare. Wanda ya ɗauki watanni kaɗai, ranar da littafinsa ya shiga shekara ta biyu, Janairun bana da na bara za su zube a ginshiƙi ɗaya.

Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata ta zama jiki. A yawancin nau'o'in Excel jadawalin ba ya bin littafi da kansa. Yana riƙe da hoton littafin na lokacin da aka sabunta shi na ƙarshe. Duk gyaran da aka yi sai an danna `Refresh All` kafin ya bayyana. Google Sheets ba ta da wannan matsala, tana sabuntawa da kanta.

## Lambar da za a fara dubawa

A karon farko, jadawalin ƙungiyar ya nuna jimlar kashewa ta wata uku naira 2,534,000. Teburin ya yi kyau, kowane rukuni da lambarsa, har mutum zai so ya buga ya kai taro. Amma jimlar da ke kusurwar ƙasa tana da shaidar da za a gwada ta da ita, kuma shaidar ba ta cikin littafin. Tana cikin takardar bayanin asusu daga banki da kuɗin da ke akwatin ma'aji.

Lissafin mai sauƙi ne. Ranar 1 ga Janairu ƙungiyar tana da naira 640,000, wato 610,000 a banki da 30,000 a hannu. Cikin wata uku an karɓi gudummawar naira 2,300,000. Ranar 31 ga Maris abin da ya rage naira 510,000 ne, 485,000 a banki da 25,000 a hannu. Abin da aka fara da shi, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ya rage, shi ne abin da ya fita: naira 2,430,000.

Jadawali ya ce 2,534,000, banki da akwati sun ce 2,430,000. Tazarar naira 104,000 ce. Abin da ma'aji kan fara yi shi ne neman layin da ke ɗauke da 104,000, kuma ba zai same shi ba, domin tazarar haɗakar kurakurai huɗu ce, biyu sun ƙara, biyu sun rage.

Kuskure na farko ya fito fili a jadawalin kansa: wani rukuni mai suna Sauran abubuwa yana ɗauke da naira 150,000 a watan Maris. Idan aka danna kowace lamba a jadawalin sau biyu, Excel tana buɗe sabon shafi mai ɗauke da layukan da suka haɗa wannan lamba. Da aka danna, layi ɗaya ne ya fito: cire kuɗi daga banki don sayayya a kasuwa. Cire kuɗi ba kashewa ba ne, kuɗin sun tashi ne daga banki suka koma akwati. Kayan da aka saya da su an riga an shigar da rasit ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, don haka naira 150,000 ɗin nan an ƙirga su sau biyu. Wannan kuskure ya fi kowanne yawan faruwa a ƙungiyar da ke sayayya da tsabar kuɗi. Maganinsa shi ne irin wannan motsi ya kasance a shafinsa daban, ba a littafin kashewa ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda `Count` ɗin nan ya yi ishara da shi. A layin shinkafar azumi an rubuta `N65,000` maimakon 65000. Ga idon mutum lamba ce, ga Excel kalma ce, kuma idan aka mayar da jadawalin kan `Sum`, kalma sifili ce a wurinsa. Naira 65,000 sun ɓace daga Abinci ba tare da wata ƙara ba. Ana iya gane irin wannan gurbi da ido, domin rubutu yakan jingina hagu, lamba ta jingina dama. Amma a cikin layi ɗari biyu ido yana tsallakewa, don haka gara a ajiye wannan ƙa'ida a gefen teburin:

```
=COUNTA(Kashewa[Adadi])-COUNT(Kashewa[Adadi])
```

Ɓangaren farko yana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu a ciki, na biyu yana ƙirga masu lamba kaɗai. Amsar da ake so sifili ce. Duk abin da ya wuce sifili, shi ne yawan layukan da jadawalin ya yi watsi da kuɗinsu.

Kuskure na uku rasit ne da aka shigar sau biyu: maganin naira 28,000 a Fabrairu, ma'aji ya shigar ranar da ya biya, sakataren kuɗi ya sake shigarwa ranar da takardar ta iso hannunsa. Jadawalin taƙaitawa da kansa yana kama wannan. A gina wani ƙarami, a sa Rasit a `Rows`, a sake sa Rasit a `Values` a matsayin ƙirge, a jera daga babba zuwa ƙarami. Duk lambar rasit da ta fito sau biyu a duba ta. Wani lokaci halas ne, idan rasit ɗaya ya ƙunshi sabulu da litattafai aka raba shi rukuni biyu. Idan bayani ɗaya ne kuma adadi ɗaya, maimaici ne.

Kuskure na huɗu babu wata dabara a cikin manhaja da za ta nuna shi, domin layukan ba su nan gaba ɗaya. Cajin banki ne, na turawa da na saƙon waya da na kula da asusu, naira 9,000 cikin wata uku. Ba a ba da rasit a kansu, don haka ba wanda ya tuna ya shigar. Bin takardar banki layi-layi kaɗai ke fito da su.

Yanzu lissafi ya rufe. Daga 2,534,000 a cire 150,000 da 28,000, ya koma 2,356,000. A ƙara 65,000 da 9,000, ya zama 2,430,000, daidai da abin da banki da akwati suka faɗa. Da a ce kurakuran sun kusa cinye juna, tazarar ta fito naira dubu biyu ko uku, da sauƙi a ce a bar ta. Ƙanƙantar tazara ba ta nuna ƙanƙantar kuskure. Tana iya zama ragowar manyan kurakurai biyu da suka yi karo.

## Kurakuran da ba sa taɓa jimla

Daidaituwar jimla ba ta gama aiki ba, domin kuɗi na iya zama a rukunin da ba nasu ba ko a watan da ba nasu ba, jimla kuma ta tsaya cif.

A ɓangaren rukuni, alamar ita ce layuka biyu masu kama da juna a jadawalin. Excel ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a nan, Abinci da abinci duk ɗaya ne gare ta. Amma tana bambanta kalmar da aka bar wa fili a ƙarshe da wadda ba a bar wa ba, don haka sai ka ga Sufuri sau biyu, kuma ido ba ya ganin bambancinsu. Mai rubuta littafinsa da Hausa yana da ƙarin tarko: wanda ya shigar da "Kuɗin makaranta" daga wayar da ke da baƙaƙe masu lanƙwasa, da wanda ya shigar da "Kudin makaranta" daga kwamfutar da ba ta da su, rukuni biyu suka buɗe. Jerin zaɓi da aka ɗaure ginshiƙin da shi tun farko yana toshe wannan ƙofa. Idan kuma aka ga layi mai suna `(blank)`, biya ne da ba a ba shi rukuni ba.

Kwanan wata ya fi wannan wayo. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa sannan wata, amma kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka wata take fara karantawa. Idan aka rubuta mata 17/02/2025, ba ta san wata na 17 ba, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu, daga nan `Group` ya ƙi aiki, ya fito da saƙon `Cannot group that selection`. Wannan da sauƙi, tunda ya yi kuka. Idan aka rubuta 05/02/2025, wato 5 ga Fabrairu, karɓa za ta yi a matsayin 2 ga Mayu. A jadawalin ƙungiyar an ga ginshiƙin Mayu ɗauke da naira 12,000 cikin rahoton da ya tsaya a Maris, shi ne ya tona. Mafi ɓuya shi ne irin 03/02/2025, wanda zai tashi daga 3 ga Fabrairu ya koma 2 ga Maris, ya zauna lafiya cikin watannin rahoton. Hanyar kama shi ita ce a jera littafin bisa lambar rasit: ranaku su riƙa tafiya gaba, duk inda wata rana ta yi tsalle ta dawo, a ɗauko takardar a duba. Don kada a sake, a riƙa rubuta shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-02-03.

## Jadawalin bayan gyara

| Rukuni | Janairu | Fabrairu | Maris | Jimla | Kaso cikin ɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Abinci | 210,000 | 195,000 | 540,000 | 945,000 | 38.9 |
| Makaranta | 480,000 | 35,000 | 20,000 | 535,000 | 22.0 |
| Ofis | 18,000 | 258,000 | 21,000 | 297,000 | 12.2 |
| Alawus | 90,000 | 90,000 | 90,000 | 270,000 | 11.1 |
| Lafiya | 62,000 | 88,000 | 54,000 | 204,000 | 8.4 |
| Sufuri | 45,000 | 48,000 | 77,000 | 170,000 | 7.0 |
| Cajin banki | 2,500 | 2,000 | 4,500 | 9,000 | 0.4 |
| Jimla | 907,500 | 716,000 | 806,500 | 2,430,000 | 100 |

Ana samun kaso ta sake jan Adadi zuwa `Values` karo na biyu, a zaɓi `Show Values As`, sai `% of Column Total`, wanda ke raba kowane rukuni da jimlar ginshiƙinsa.

Wanda ya kalli layin ƙasa kaɗai zai ce watannin sun yi kusa da juna, tsakanin dubu ɗari bakwai da dubu ɗari tara da ɗoriya. A cikin teburin kuwa kowane wata yana da abu guda da ya kumbura shi. A Janairu makaranta ce, kashi 52.9 cikin ɗari na watan, kuma wannan ba ya bukatar dogon bayani, lokacin biyan kuɗin zango na biyu ne. Sauran lambobi uku ne ke bukatar a buɗe su.

Ta farko ita ce Abinci na Maris, naira 540,000, kashi 67 cikin ɗari na watan, kusan ninki uku na Fabrairu. Amintacce mai lura zai tambaya ko farashi ne ya tashi ko yara ne suka ƙaru. Akwatin Asusu da aka ajiye a `Filters` yana ba da amsa. Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, kuma an ba ƙungiyar gudummawar naira 370,000 da sharaɗin rabon abincin azumi. Idan aka tace jadawalin aka bar asusun Azumi kaɗai, za a ga 340,000 a Abinci da 30,000 a Sufuri, jimla 370,000, wato an kashe kuɗin duka a inda mai bayarwa ya ce. Idan aka juya aka bar asusun Gama-gari, Abinci ya koma 210,000, 195,000, 200,000, Sufuri ya koma 45,000, 48,000, 47,000. Hidimar yau da kullum ba ta motsa ba. Maris da ya yi kama da wata mai tsada, a asusun Gama-gari naira 436,500 kawai ya ci, shi ne mafi araha cikin ukun.

Ta biyu ita ce Ofis na Fabrairu, naira 258,000. A cikinta 240,000 hayar ɗaki ce ta shekara guda, an biya ta lokaci ɗaya kamar yadda masu gida ke karɓa. Jadawalin yana ajiye kuɗi a watan da suka fita, don haka Fabrairu ya ɗauki nauyin wata goma sha biyu. Illar wannan tana bayyana ne a lambar da masu ba da tallafi suka fi tambaya, wato kaso nawa ya isa ga yara. Abinci da Makaranta da Lafiya tare naira 1,684,000 ne, kashi 69.3 cikin ɗari, sauran 746,000 kuma kashi 30.7. A Fabrairu kaɗai, Ofis da Alawus da Sufuri da Cajin banki sun kai 398,000, kashi 55.6 na watan, lambar da za ta tayar da hankalin duk wanda bai san hayar na ciki ba. Idan aka raba hayar wata-wata, naira 20,000 ce, wata uku 60,000. Jimlar hidimar zangon ta koma 2,250,000, kason yara ya zama kashi 74.8. Dukan lambobin biyu gaskiya ne, tambayoyinsu ne suka bambanta: ɗaya na faɗin abin da ya fita daga asusu, ɗaya na faɗin abin da zangon ya ci. Shawara ga ƙaramar ƙungiya ita ce ta bar jadawalin a kan kuɗin da suka fita, tunda shi ne ke daidaita da banki, ta rubuta bayanin hayar a ƙarƙashinsa. Canza lambobin littafi don kaso ya yi kyau yana ɓata gwajin da aka sha wahala a kansa.

Ta uku ba ta da hayaniya, amma ta fi su muhimmanci. Lafiya ta sauka daga 88,000 a Fabrairu zuwa 54,000 a Maris, abin da za a iya karantawa a matsayin sauƙin rashin lafiya. Gaskiyar ita ce ƙungiyar ta karɓi maganin naira 40,000 bashi daga wani kantin magani a ƙarshen Maris, ba a biya ba tukuna. Da an biya, da Lafiya ta Maris 94,000 ce, sama da ta Fabrairu. Nan ne iyakar jadawalin: abin da ba a biya ba ba ya cikin littafin kashewa, don haka ba ya gani. Haka buhun gero da wani ya kawo kyauta, haka likitan da ya duba yara bai karɓi ko sisi ba. Waɗannan sai ma'aji ya riƙe jerinsu daban.

## Abin da za a kai gaban amintattu

Rahoton shafi ɗaya ya isa. A sama teburin nan kamar yadda yake. A ƙarƙashinsa layi huɗu na daidaitawa: an fara da 640,000, an karɓi 2,300,000, an kashe 2,430,000, saura 510,000, tare da faɗin nawa ke banki nawa ke hannu. Sai gajeren bayani a kan kowace lamba da ta yi tsalle, sai jerin bashin da ke kan ƙungiya.

Kada a tura wa kowa fayil ɗin da jadawalin ke ciki. Jadawalin yana tafiya da kwafin littafin a cikinsa, ko da an goge shafin littafin, kuma duk wanda ya danna lamba sau biyu zai iya ganin layukan, har da sunan yaron da aka kai asibiti idan an rubuta shi a Bayani. A fitar da rahoton a matsayin PDF, ko a kwafi teburin a manna shi ta `Paste Special`, sai `Values`, a wani sabon fayil. Hakan kuma yana daskarar da lambobin, don kada sabuntawar Afrilu ta canza abin da amintattu suka sa wa hannu a Maris.

Sai jumlar da duk wannan aiki ya kai mu gare ta, wadda ya kamata ma'aji ya faɗa da bakinsa a taron. Idan aka ware kuɗin azumi, asusun Gama-gari ya karɓi naira 1,930,000 ya kashe 2,060,000, giɓin 130,000 kuma daga ajiya aka cike shi, shi ya sa ta sauka daga 640,000 zuwa 510,000. Zango na uku yana tafe. Idan makaranta ta sake cin kusan 480,000 kamar Janairu, aka haɗa da bashin magani na 40,000, naira 520,000 ke nan, sun riga sun wuce abin da ke asusu tun kafin a sayi abincin wata. Watan da babu haya babu kuɗin zango kuma yana cin sama da 430,000. Amintattu suna da makonni kaɗan su yanke shawara, ko a nemi wanda zai ɗauki nauyin kuɗin zangon, ko a roƙi makarantu su karɓa kashi biyu, ko a fara neman gudummawa tun yanzu da wannan adadi a rubuce.